Kafaɗar Baba ta ƙi ɗaguwa: sikanin za a yi ko MRI?

Assalamu alaikum Likita. Mahaifina manomin albasa ne, shekararsa 58, yana da ciwon suga. Mako 5 ke nan da ya faɗo daga kan kabu-kabu ya dafa ƙasa da hannun dama. An yi hoton ƙashi an ce babu karaya, mai ɗori ma ya duba ya ce targaɗe ne. Amma har yau ba ya iya ɗaga hannun ko don kabbara sai ya tallafe shi da na hagu, da dare kuma ba barci. Wani likita ya ce wataƙila jijiyar kafaɗa ce ta tsinke, a yi sikanin. Wani ya ce sikanin ɓata kuɗi ne, MRI za a yi, kuma kuɗinsa ya ninka na sikanin sau da yawa. Abin hannunmu bai kai na a yi ta gwaji ba. Wanne za mu yi?

Ɗansa, daga Mabera, Sakkwato

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka maka da alheri a kan wannan ɗawainiya.

Shawarata ita ce ku fara da sikanin a cikin wannan mako, amma da sharaɗi guda: mai yin sa ya zama wanda hannunsa ya saba da kafaɗa. Idan ba ku samu irin wannan mutum ba, kada ku kashe ko kwabo a kan sikanin, ku tara kuɗin ku tafi MRI kai tsaye. Kuma kowanne za a yi, likitan tiyatar ƙashi ya fara ganin Baba, domin shi ne zai yi aiki da hoton. Bari in bi da kai ta inda na biyo har na kai ga wannan magana, don ka iya tsayawa gaban likitocin nan biyu ka san abin da za ka tambaya.

Kan ƙashin dantse yana zaune ne a wani ɗan gurbi marar zurfi a jikin allon kafaɗa. Abin da ke riƙe shi a wurin tsokoki ne guda 4 da suka taso daga allon, jijiyoyinsu suka haɗu suka lulluɓe kan ƙashin ta gaba, ta sama da ta baya. Wadda ta fi yawan samun matsala ita ce ta sama, sufirasifinatus, wadda ke taimakawa wajen ɗaga hannu ta gefe, kuma tana ratsawa ne ta ƙarƙashin wani rufin ƙashi da kake iya taɓawa a ƙololuwar kafaɗarka. Ka ɗauke ta kamar igiyar guga. Tana iya zaizayewa, wasu zare su tsinke wasu su rage, ta ci gaba da jan ruwa da ƙyar. Tana kuma iya tsinkewa gaba ɗaya, sai tsokar ta ja guntun ya koma ciki. Na farko shi ne yagewar wani sashe, na biyu yagewar da ta huda jijiyar daga sama har ƙasa. Hoton ƙashi ba ya nuna ko ɗaya daga cikinsu, shi ya sa "babu karaya" ba ta rufe maganar ba.

Kafin ku fita daga gida akwai abin da za ka iya dubawa da kanka, a hankali, ba da ƙarfi ba. Baba ya zauna ya saki jikinsa, kai ka riƙe hannun ka ɗaga masa ta gefe. Idan hannun ya tafi sama a hannunka, amma da ka sassauta riƙo sai ya kasa tsayar da shi ya zube, to gaɓar a sake take, abin da ke jan ta ne ya gaza, kuma wannan ya fi kama da tsinkewar jijiya. Idan kuwa kai ma ka kasa ɗaga shi, ya tsaya cak a wani wuri, musamman in ka gwada juya hannun waje gwiwar hannu na manne da haƙarƙari, to akwai yiwuwar gaɓar ce ta sandare. Sandarewar kafaɗa ta fi kama masu ciwon suga, kuma tana iya biyo bayan rauni. Haka nan gocewar ƙashi ta baya tana iya ɓuya idan an ɗauki hoton ƙashi ta fuska ɗaya kawai. Ka shafa gefen dantsensa na sama ka tambaye shi ko yana jin taɓawar daidai da ɗaya hannun, domin in wurin ya mutu, ana zargin jijiyar saƙo ce ta ji rauni, kuma ita ma tana hana ɗaga hannu. Ka faɗa wa likita abin da ka gani, ka kuma tafi da hoton ƙashin kansa, ba takardar bayaninsa kaɗai ba.

To, ga sikanin. Na'urar ita ce dai wadda ake duba masu juna biyu da ita, sai dai ana sa mata wani kai mai faɗi wanda ke gani da kyau a kusa da fata. Sauti take aikawa cikin jiki ta saurari dawowarsa, babu wani haske mai cutarwa a cikinta. Baba zai zauna a kujera, a shafa masa man nan mai sanyi, a bi jijiyoyin ɗaya bayan ɗaya, cikin minti 15 zuwa 20. Za a ce ya kai tafin hannunsa baya kamar mai laluben aljihun baya, domin wannan ne ke fito da jijiyar sama daga ƙarƙashin rufin ƙashi ta zo inda sauti zai same ta. Lafiyayyiyar jijiya tana fitowa a allo da haske, zarenta a jere. Inda ta tsinke sai a ga baƙin gurbi da ruwa ya cika, ko a ga tsokar waje ta lotsa ta kwanta a kan ƙashi saboda babu abin da ya raba su. Mai dubawa yana iya danna wurin ya ga gurbin ya buɗe, ya sa Baba ya motsa hannu yana kallon jijiyar tana tafiya, sannan ya juya ya duba kafaɗar hagu don kwatance ba tare da ƙarin kuɗi ba. MRI ba ya yin waɗannan, hoton kafaɗa a kwance kawai yake ɗauka.

Likitan da ya ce sikanin ɓata kuɗi ne bai yi masa adalci ba, in dai maganar gano cikakkiyar yagewa ake yi. A 2013 ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken likitanci, ta tattara binciken da aka kwatanta hotunan da abin da aka tarar a lokacin tiyata. A cikin kowane mutum 100 da jijiyarsu ta huje gaba ɗaya, sikanin ya gano kusan 92, MRI ya gano kusan 94. Wannan bambanci bai kai a sayar da buhunan albasa dominsa ba. Inda dukansu suka yi rauni shi ne yagewar sashe: MRI ya gano kusan kashi 74 cikin 100, sikanin kusan rabi. Tambayar farko game da Baba kuwa ita ce ko jijiyar ta tsinke gaba ɗaya, kuma sikanin yana amsa ta.

Amma ina ganin na san abin da ke ran wancan likita, kuma yana da hujja. Waɗannan alƙaluma sun fito ne daga hannun mutanen da aikinsu ke nan. Sikanin ba ya wuce gwanintar mai riƙe da shi. Ga misali ɗaya: jijiya tana haske ne kawai idan sautin ya faɗa mata a miƙe. Da zarar an ɗan karkata kan na'urar, lafiyayyiyar jijiya sai ta yi baƙi, ta yi kama da wadda ta yage, musamman a inda take lanƙwasa ta manne da ƙashi, wato daidai wurin da yagewar gaske ta fi faruwa. Gwani yana gyara hannunsa, in baƙin ya ɓace ya san ƙarya ce, in ya tsaya ta fuska biyu ya san gaskiya ce. Wanda bai saba ba zai rubuta muku yagewar da babu ita, ko ya ɗauki kumburarren tantanin da ke saman jijiya a matsayin jijiyar ya ce lafiya lau. Kuma in an gama, 'yan hotunan da ya zaɓa ya buga kaɗai za ku fita da su, wani likita ba zai iya sake duba abin da bai ɗauka ba. Wuraren sikanin suna da yawa a gari, amma yawancin aikinsu ciki ne da mara. Mutum na iya ƙwarewa a duba jariri a mahaifa, kafaɗa kuwa sai jefi-jefi take zuwa masa. Don haka ka tambaya ba kunya: kuna yin sikanin na kafaɗa a kai a kai? Wa ke yi? Hanya mafi sauƙi ita ce likitan ƙashi ya faɗa muku wanda shi ya yarda da rahotonsa. Ku nemi ganin likitan a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko asibitin ƙashi na Wamakko, ya aika ku inda ya sani.

Akwai kuma iyakar da ko gwani ba ya tsallakewa. Sauti ba ya ratsa ƙashi. Idan jijiyar ta tsinke ta ja da baya ta shige ƙarƙashin rufin nan, sikanin zai ce babu ita a wurinta, amma ba zai iya auna nisan da ta yi da kyau ba. Ba ya ganin cikin gaɓar sosai, ba ya ganin guringuntsin da ke zagaye da gurbin, ba ya ganin cikin ƙashi. Mai jiki sosai yana ba shi wahala, haka wanda ciwo ko sandarewa ya hana shi kai hannu baya, kuma wannan na iya shafar Baba.

Nan ne MRI ke cin kuɗinsa. Maganaɗisu ne mai ƙarfi, yana yanka hoton kafaɗar sala-sala ta fuska uku, ƙashi ba ya tare masa hanya. Abin da likitan tiyata ke nema a ciki ya wuce a ce akwai yagewa. Yana son ya san jijiya nawa ta shafa, faɗin ramin nawa ne, guntun ya ja baya zuwa ina, sannan tsokar da ke jan jijiyar tana da rai ko ta lalace. A kan wannan na ƙarshen nake so ka tsaya. Tsokar da jijiyarta ta tsinke ba ta da abin ja, sai ta fara shanyewa, kitse ya riƙa shiga tsakanin zarenta. Ana auna wannan daga mataki 0, inda babu kitse ko kaɗan, zuwa mataki 4, inda kitsen ya fi tsokar yawa. Idan ya kai 3 ko 4, ko an ɗinke jijiyar ɗinkin ya fi saurin warwarewa, ƙarfin kuma ba ya dawowa yadda ake so, kuma kitsen da ya shiga ba ya fita. Sikanin yana iya hango alamar haka, amma MRI ne ke nuna shi yadda za a yanke hukunci a kai.

Wannan yana da amfani na musamman ga mutum kamar Baba, wanda ya shekara da shekaru yana sungumar buhu yana saran ƙasa. Jijiyar kafaɗa tana zaizayewa da shekaru ko babu faɗuwa. A wani bincike na 1995 da aka yi wa mutanen da ba sa jin ciwo a kafaɗa MRI, fiye da rabin waɗanda suka haura 60 an same su da yagewa, kusan kashi 28 cikin 100 ma cikakkiya. Saboda haka in an ga rami a jijiyar Baba, sai a tambaya: faɗuwar ce ta yi shi, ko ya daɗe faɗuwar ta ƙarasa shi? Sabuwar yagewa tana zuwa da ruwa da kumburi a tsoka, tsokar kuma cike take. Tsohuwa tana zuwa da tsoka shanyayya mai kitse. Maganinsu ba ɗaya ba ne. Wannan kuma shi ne aibin MRI: yana gani da yawa. Rahoton zai zo da jerin abubuwa masu tayar da hankali, wasunsu tsufa ne kawai, ba su ne ke hana barci ba. Kada ku karanta shi ku kaɗai da dare, ku kai wa wanda ya taɓa kafaɗar da hannunsa.

Shi ma MRI ba a shiga haka kawai. Baba zai kwanta a cikin rami mai ƙunci na minti 20 zuwa 40, da ƙara mai yawa, kuma dole ya tsaya cak, domin motsi yana dagula hoton har a sake. Mai ciwon kafaɗa kwanciyar rigingine tana masa wuya, don haka ya sha maganin ciwonsa kafin a shiga. Za a tambaye ku ko yana da batirin zuciya, ko ƙarfe a jiki, ko ya taɓa yin walda ko ƙira har tartsatsin ƙarfe ya shiga idonsa. Ku amsa da gaskiya, maganaɗisun yana iya motsa ƙarfe. Ku tambayi ƙarfin na'urar: mai tesla 1.5 ta fi fito da ƙananan abubuwa a kan masu ƙaramin ƙarfi, ko da yake su ma suna nuna babbar yagewa. Don neman tsinkewar jijiya ba a saba buƙatar allurar rini ba, in an ce za a ƙara ta ku tambayi dalili. Ku kuma karɓi hotunan a faifai.

Yanzu mu ce kun samu gwani an yi sikanin. Rahoto mai kyau zai faɗi wace jijiya ce, yagewar sashe ce ko cikakkiya, tsawonta da faɗinta da milimita, halin tsokar, da ko jijiyar ƙwanji da ke bi ta gaban kafaɗa tana cikin kwarinta. In takardar ta ce "akwai alamar yagewa" ta yi shiru, ba a yi muku aiki ba.

Idan aka ce jijiyoyin duka a haɗe suke, ko an sami zaizayewar sashe kawai, to an ɗauke muku nauyin MRI a yanzu. Abin da ke gaba gashin ƙashi ne a wurin masu fisiyo, da maganin ciwo, a ga abin da mako 6 zuwa 12 zai haifar. Amma in ciwo ya lafa ƙarfin hannu bai dawo ba, kada ku riƙe takardar sikanin kamar ta gama magana, a lokacin MRI ya zama dole.

Idan aka ce jijiyar sama ta huje, ramin ya kai kamar milimita 15, bakin jijiyar yana nan kusa ana ganinsa, tsokar kuma cike, wannan matsakaiciyar yagewa ce, domin ƙasa da santimita 1 ake kira ƙarama, 1 zuwa 3 matsakaiciya, 3 zuwa 5 babba, abin da ya haura 5 kuwa gagaruma. Ga mai shekara 58 da hannunsa ke ciyar da gida, in kafaɗarsa lafiya ƙalau take kafin ya faɗi, irin wannan ake so a ɗinke da wuri. Wasu likitocin tiyata suna shiga aiki da rahoton sikanin in sun yarda da mai yin sa, wasu sai sun ga MRI. Ku tambaye shi kai tsaye, amsarsa ce za ta ce ko za ku biya na biyu.

Idan kuwa aka ce ba a ga jijiyar ba sam, ko jijiya 2 ko 3 sun tafi, to MRI ya zama wajibi kafin a sa wuƙa, domin shi zai faɗa ko akwai abin ɗinkewa.

Akwai tambayar da ya kamata ka yi wa Baba tun yau, cikin ladabi, kai da manyan gida: in an ce sai aiki, zai yarda? Ku gaya masa gaskiyar abin. Bayan ɗinki hannu yana zama a rataye mako 4 zuwa 6, gashin ƙashi ya biyo na watanni, aikin gona mai nauyi kuwa sai wajen wata 6. In ya ce shi ba za a yanka shi ba ko me aka gani, kuɗin MRI ba zai canja komai ba, sikanin ya isa a san inda aka tsaya, sauran kuɗin a sa shi a fisiyo. Mutane da yawa, musamman masu tsohuwar yagewa, suna samun sauƙi sosai ta wannan hanya. In kuwa ya yarda, kuma likitan ƙashi ya gwada shi ya ce shi lallai da MRI zai yi aiki, to ku tsallake sikanin, ku biya sau ɗaya.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne makonni 5 ɗin nan. Jijiyar da ta tsinke gaba ɗaya ba ta komawa ta manne da ƙashi da kanta, kuma sabuwar yagewa ta fi ɗinkuwa a makonnin farko zuwa 'yan watanni kaɗan, kafin guntun ya yi nisa ya ƙage. Wannan ma yana cikin dalilin da ya sa na zaɓi sikanin: in za a same shi jibi, MRI kuwa sai an jira layi ko an tara kuɗi wata 2, hoton jibi ya fi amfani. A dakatar da ja da murɗar mai ɗori, aikinsa a kan ƙashi ne, nan kuwa ba ƙashi ya karye ba. In wani ya ce a yi masa allura a cikin kafaɗa don ciwon ya kwanta, ku dakata sai an san ko za a yi aiki: tana tayar da suga na kwanaki, kuma yin ta dab da tiyata yana iya raunana ɗinki. Magungunan ciwon jiki da ake saye a kemis ma kada ya yi ta sha ba tare da likita ya duba ƙodarsa ba. A fara daidaita sugan tun yanzu, domin jijiyar mai suga ta fi jinkirin haɗewa. Da dare ya kishingiɗa da matashi a bayansa, a sa wani ƙarami a ƙarƙashin gwiwar hannun, zai fi samun barci. Ranar da za ku ga likitan ƙashi ku tafi da hoton ƙashin, da katin asibitinsa na suga, da duk magungunan da yake sha.